Yoyon fitsari: Kwana arba'in ɗin da ake asara a ɗakin jego

A wani gida da ke unguwar Mabera a birnin Sakkwato, wata yarinya 'yar shekara 17 ta shafe wata huɗu tana kwana a kan leda. Ba 'yar unguwar ba ce. Gwaggonta ce ta ɗauko ta daga ƙauyensu da ke gabashin jihar domin ta yi mata wankan jego, bayan haihuwar fari da aka rasa jaririn.

Naƙuda ta kama ta ranar Talata da yamma. Ungozoma ta zauna da ita daren farko, aka ce haihuwar fari ce, dama takan ja lokaci. Laraba ta wuce ana jiƙe-jiƙe da rubutun sha. Da dare ya yi aka ga abin ya fi ƙarfin gida, amma babu direban da zai hau hanyar a wannan lokaci saboda 'yan bindiga. Sai da safiyar Alhamis aka isa da ita wani asibiti, aka ciro ɗan ba rai. An sa mata robar fitsari, aka cire bayan kwana biyu da dangi suka matsa a sallame su. Kwana biyar da haihuwa ta farka ta tarar da shimfiɗarta sharkaf. Daga ranar fitsari bai sake tsayawa ba, ko tana zaune, ko tana kwance, ko tana tafe, kuma ba ta jin lokacin fitowarsa.

Abin da gwaggon ta yi shi ne abin da mafi yawan iyaye mata za su yi. Ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara zafin ruwan wanka, a dama kunun kanwa, in an yi arba'in jiki zai koma daidai. Ita kuma yarinyar ta rage shan ruwa don ta rage jiƙa zani. Duka biyun da kyakkyawar niyya aka yi su, kuma duka biyun sun cutar da ita.

A shekarar 2024 Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta fara shirin yi wa masu yoyon fitsari aiki kyauta, kuma a watan Nuwamba na shekarar Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta. An yi ta magana a kan kuɗi, kuma kuɗin matsala ce ta gaske. Amma akwai asarar da kyautar aiki ba ta maganinta, ita ce ta makonnin farko, lokacin da ramin yake sabo kuma ya fi sauƙin rufewa. A ƙasar Hausa waɗannan makonni sun faɗo daidai cikin kwana arba'in ɗin da mai jego ba ta fita.

Yadda ramin ke samuwa

Mafitsara tana gaban farji, dubura tana bayansa, kuma abin da ya raba su bango ne na nama wanda bai da kauri sosai. Idan kan jariri ya sauko cikin ƙugu ya kasa wucewa, ko don ya fi ƙugun girma ko don ya zo a karkace, mahaifa ba ta fasa turo shi. Kan sai ya danne wannan bango a jikin ƙashin mara. Wanda ya taɓa ɗaure yatsa da zare ya ga yadda yake yin baƙi ya san abin da ke biyo baya: jini ya daina isa wurin. Idan dannewar ta sa'o'i kaɗan ce naman yakan farfaɗo. Idan ta kai kwana ɗaya, biyu, uku, sai ya mutu.

Mataccen naman ba ya faɗuwa nan take. Yakan ɗauki kamar kwana uku zuwa goma kafin ya ruɓe ya zube, ya bar rami tsakanin mafitsara da farji. Wannan ramin shi ne likitoci ke kira fistula, kuma shi ne abin da ake nufi idan an ji ana cewa VVF. Fitsarin da ƙoda ke sauko da shi ba ya taruwa, sai ya bi ramin ya zubo. Wani ramin bai wuce kan tsinke ba, wani kuma yatsu uku za su shige. Idan dannewar ta shafi baya, bahaya ko iska ma sukan biyo ta gaba. Wasu matan sukan tashi da jan ƙafa, domin kan jaririn ya danne jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafa. A mafi yawan lokuta, kusan tara cikin goma, jaririn ba ya rayuwa.

Wannan jinkiri na 'yan kwanaki shi ke haddasa rashin fahimta. Mace ta dawo daga asibiti a bushe, sai daga baya yoyo ya fara, sai dangi su ce robar da aka sa mata ce ta huda ta. A irin labarin yarinyar Mabera ɓarnar ta riga ta auku tun a gida, kafin a ga ƙofar asibiti. Robar kuwa, da an bar ta, ita ce za ta iya hana ramin buɗewa, shi ya sa ake so macen da ta sha doguwar naƙuda ta zauna da ita kamar mako biyu ko da ba ta fara yoyo ba.

Ba a ce asibiti ba ya yin kuskure ba. Akwai yoyon da ke samuwa daga rauni a lokacin tiyatar haihuwa ko cire mahaifa, musamman a hannun wanda bai ƙware ba, kuma likitocin da ke gyaran suna ƙorafin cewa irinsa na ƙaruwa. Akwai kuma namu na gida, wato yankan gishiri. Wani nazari da aka wallafa a 1983 kan mata 1,443 da aka duba a asibitin koyarwa na Zariya ya gano cewa kashi 13 cikin 100 daga yankan gishiri suka samu lalurar, sama da kashi 80 kuma daga doguwar naƙuda.

Ba kowane yoyo ne rami ba

Yana da kyau iyali su san bambancin, domin maganin ba ɗaya ba ne. Macen da fitsari ke kufce mata sai ta yi tari, ko atishawa, ko ta ɗaga bokiti, amma tana kwana a bushe, yawanci ba rami ba ne, naman da ke riƙe bakin mafitsara ne ya saki. Wadda mararta ta kumbura, tana jin fitsari amma ba ya fita sai ɗigo-ɗigo, mafitsararta ce ta cika ta kasa matsewa, kuma tana bukatar roba a ranar. Mai rami ita ce wadda ke jiƙe dare da rana, kuma sau da yawa ba ta ma jin fitsari ya taru balle ta je banɗaki.

Akwai nau'i na huɗu mai ruɗarwa: mace tana zuwa banɗaki ta yi fitsari kamar kowa, amma kuma tana jiƙewa kullum, kuma abin ya fara ne bayan tiyata. A nan akan yi zargin an taɓa ɗaya daga cikin bututu biyun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Ɗayan yana cika mafitsara, ɗayan yana zuba a farji.

Gwajin da ke raba gardama ba shi da tsada. Ana sa roba, a ɗura ruwa mai launin shuɗi a mafitsara, a duba. Idan shuɗin ya ɓullo ta farji, akwai rami, kuma an ga inda yake. Idan ruwa na zuba amma fari ne, ba shuɗi ba, to daga sama yake, daga bututun ƙoda.

Abin da aka koya a Babbar Ruga

Da can, ƙa'idar da ake koya wa likitoci ita ce a sallami mace ta koma gida ta jira wata uku kafin a taɓa ta, don naman ya huce. Wanda ya fi kowa girgiza wannan ƙa'ida a Arewa shi ne Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, wanda ya zo Katsina a 1983 don aikin kuturta a Babbar Ruga, ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba mai kula da su, ya koma yi musu aiki. Asibitin Babbar Ruga yanzu cibiya ce ta ƙasa, kuma da yawa daga likitocin da ke wannan aiki a Kano, Sakkwato, Kebbi da Zamfara ta hannunsa ko ta hannun ɗalibansa suka biyo.

A 2004 ya wallafa sakamakon mata 1,716 da suka zo da sabon yoyo, tsakanin kwana 3 zuwa 75 da haihuwa. Bai ce su jira ba. Kowace an sa mata roba nan take, aka ɗora ta a kan shan ruwa mai yawa. A cikinsu, 265 sun warke da robar kaɗai, ba wuƙa ba allura, wato kamar kashi 15 cikin 100. Sauran an ɗinke su da zarar bakin ramin ya yi tsabta, ba tare da jiran wata uku ba, kuma an rufe ramin a karon farko ga kusan kashi 95 cikin 100 na duka matan.

Hikimar a bayyane take. Rami ba ya haɗewa matuƙar fitsari na bi ta cikinsa. Idan roba na kwashe fitsarin ta hanyarsa, mafitsara takan zauna a saɓule, gefunan ramin su kusanci juna, su manne kamar yadda kowane sabon rauni ke yi. Akan bar robar mako huɗu zuwa shida. Alamar cewa tana aiki ita ce fitsarin da ke taruwa a jaka yana ƙaruwa, jiƙewar zani tana raguwa. Idan duk fitsarin ta ƙasa yake zuba, jakar ba komai, to ko robar ta toshe, ko ramin ya yi girman da sai ɗinki.

Ruwan sha kuwa ba ƙari ba ne, rabin maganin ne. Ana so mace ta sha kamar lita biyar a rana, wato ledar ruwa goma, har fitsarin ya zama kamar ruwa, ba launi ba wari. Shi ke wanke mafitsara ya hana robar toshewa. Wadda ta rage sha, kamar yarinyar Mabera, fitsarinta yakan yi kauri, ya ƙone fatar cinya, warin ya ƙaru, har tsakuwa ta iya taruwa a mafitsara. Abin da ta yi don ta ɓoye lalurar shi ya ƙara tona ta.

Kada a ɗauki wannan fiye da yadda yake. Kashi 15 ba kowa ba ne, kuma ƙananan ramuka ne suka fi amsa roba. Amma idan aka ɗauki ƙiyasin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya na cewa mata kusan 12,000 ne ke kamuwa a kowace shekara, a kan wasu kimanin 150,000 da ke jiran aiki, za a ga abin da kashi 15 ke nufi. Kuma sa roba ba ya bukatar ƙwararren likitan fiɗa. Ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti da aka horar za ta iya. Damar tana raguwa da kowane mako, domin da zarar bakin ramin ya warke ya yi tabo, ba zai sake mannewa da kansa ba.

A ganina nan ne tsarinmu ya fi rauni. Ana shirya gangamin aiki, a tara mata ɗari, a yi musu tiyata, a ɗauki hoto. Yana da amfani. A 2005 an yi irinsa na mako biyu a Kano, Katsina, Kebbi da Sakkwato tare da Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, aka yi wa mata sama da 500 aiki. Amma gangami na tsofaffin ramuka ne. Sabon rami ba ya jiran ranar 23 ga Mayu, ranar da duniya ta ware wa wannan lalura. Yana bukatar wanda zai gan shi a makon da ya buɗe, kuma a jihar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ko mace ɗaya cikin goma ba ta haihuwa a asibiti, mai ganinsa na farko ba likita ba ce. Uwa ce, ko gwaggo, ko mai wankan jego. Su ya kamata saƙon ya isa gare su, kuma saƙon gajere ne: mai jego da ke jiƙa shimfiɗa ba ta jiran arba'in.

Yadda aka yi wa yarinyar aiki

Wata maƙwabciya ce da ta taɓa raka 'yar'uwarta ta gaya wa gwaggon cewa ana gyarawa, kuma a cikin garin nan. Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha shi ne cibiyar da aka fi sani da wannan aiki a Sakkwato, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ga masu lalura mai sarƙaƙiya. Daga Mabera tafiyar keke-napep ce. Wata huɗu suka yi a kusa da magani ba su sani ba.

Da aka yi gwajin shuɗin ruwa, an ga rami mai faɗin kamar santimita biyu, a tsakiyar bangon farji, nesa da hanyar fitar fitsari, kuma tabon bai yi tauri ba. Waɗannan abubuwa uku, wato girman ramin, wurin da yake, da yawan tabo, su ne likita ke dubawa kafin ya faɗi abin da za a sa rai. Nata yana cikin masu sauƙi. An fara gyara mata jini, domin ta zo a rame, aka yi maganin fatar da ta ƙone, aka koya mata shan ruwa.

Aikin kansa ta ƙasa ake yi, ba a tsaga ciki. Ana yin allura a baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙafa, mace tana farke. Likita yakan raba bangon mafitsara da na farji a kewayen ramin har naman ya saki, sannan ya ɗinke mafitsara ba tare da ja ba, domin ɗinkin da aka yi a kan ja shi ne ke warwarewa. Sai a sake ɗura shuɗin ruwa a tabbatar ba ya fita, a rufe farji. Irin nata bai cika wuce sa'a ɗaya ba.

Sauran aikin na masu jinya ne, kuma a nan ake cin nasara ko a faɗi. Dole robar ta yi ta zuba ba tsayawa. Idan ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya ko ta toshe cikin dare, mafitsara ta cika, ɗinkin zai iya ɓallewa cikin sa'o'i. An saba barin ta mako biyu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga rami mai sauƙi kwana bakwai zuwa goma sun isa, bayan wani gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka takwas, har da Najeriya da Nijar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga cibiyar da gadajenta ba su da yawa.

Ita an cire mata a rana ta 14. An ce ta riƙa zuwa banɗaki a kai a kai, domin mafitsarar da ta yi wata huɗu ba ta riƙe komai ba sai ta sake koyo. Washegari shimfiɗarta a bushe.

Inda gyara ke da iyaka

Ba kowace ke fita haka ba, kuma ɓoye wannan yaudara ce. Ga rami mai sauƙi da ƙwararre ya taɓa a karon farko, takwas zuwa tara cikin goma sukan rufe. Amma rufe rami daban, bushewa daban. Idan ɓarnar ta ci hanyar fitar fitsari da naman da ke matse ta, za a iya rufe ramin tsaf amma fitsari ya ci gaba da zubowa ta hanyarsa saboda makullin ya lalace. Wasu sukan samu sauƙi cikin watanni da atisayen matse gaba, wasu sai an sake aiki. Akwai kuma 'yan kaɗan da mafitsararsu ta ƙanƙance ko tabo ya cinye wurin, waɗanda sai dai a karkatar da fitsarin ta wata hanya, shawarar da ba a yanke ta da gaggawa.

Shi ya sa masu aikin ke nanata cewa karon farko shi ne dama mafi girma. Kowane ɗinkin da ya warware yana barin ƙarin tabo da ƙarancin nama ga wanda zai biyo baya. Iyalin da suka sayar da akuya suka kai 'yarsu wurin wanda ba aikinsa ba ne, don kawai ya ce zai iya, sun rage mata dama. Tambayar da ta dace a yi kafin a yarda ita ce ko wurin cibiyar yoyon fitsari ce, kuma ko likitan ya saba yin wannan aiki. Daɗewa kuwa ba ta hana gyara. An yi wa matan da suka shekara ashirin da lalurar aiki sun bushe.

Bayan sallama akwai sharuɗɗan da ba matar kaɗai suka shafa ba. Ba saduwa na aƙalla wata uku, wasu likitocin sukan ce shida. A jinkirta ciki kamar shekara guda. Idan cikin ya zo, awo tun da wuri, haihuwa kuma ta tiyata, a ranar da aka tsara, kafin naƙuda ta fara, domin ƙugun da ya hana ɗan fari wucewa yana nan, ga kuma ɗinki a kan hanya. Mata da yawa da ke komawa cibiyoyi karo na biyu, haihuwar gida ce ta mayar da su. Idan ba a zaunar da miji an yi masa wannan bayani ba, an bar aikin a rabi. A nan ne alƙawarin tiyatar haihuwa kyauta zai nuna ko na gaske ne: ranar da wadda aka yi wa gyara ta zo da cikin wata tara, za a karɓe ta ba tare da an miƙa wa mijinta takardar sayo kaya ba?

Tambayar ta ƙara nauyi tun farkon 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin hukumar USAID, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin horo da kayan aikin yoyon fitsari a jihohin Arewa, har da Sakkwato. Zare, robar fitsari da abincin majinyata yanzu sun fi dogara ga kasafin jiha da na NHIA.

Akwai wani abu da gwaggon ta ambata wanda ba na likita ba ne. Duk watannin nan yarinyar ta daina salla, tana ganin ba ta da tsarki. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayanin hukuncin wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba, cewa uzuri ne kuma ba ya hana shi salla. Ba wanda ya gaya mata, domin ba wanda ta iya tambaya.

Ta koma ƙauye da katin asibiti wanda aka rubuta irin aikin da aka yi mata da ranar dawowa. Gwaggon ta riƙe kwafinsa a Mabera, ta kuma gaya wa mijin cewa duk ranar da ciki ya kai wata bakwai, a kawo mata ita birni.